Miliyan 480 a Kwance: Takardar da Na Kai wa Daraktoci Kan Takardun Baitulmali

Kamfanin da nake wa aikin akanta yana Kaduna, sana'arsa rarraba takin zamani da iri ga dillalai. Kasuwancin damina ne. Kuɗi yana fita daga Maris zuwa Yuni, yana dawowa daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da manomi ya sayar da amfanin gona, ya biya dillali, dillali ya biya mu. Tsakanin nan akwai watanni da kuɗi ke kwance a banki ba ya komai. A farkon Disamban 2024 abin da ke kwance ya kai naira miliyan 480: miliyan 410 a banki ɗaya, miliyan 70 a wani, duka a asusun hada-hadar yau da kullum, wanda ba ya ƙara ko sisi.

A lokacin kuwa takardun baitulmali, waɗanda 'yan banki ke kira tireshari bil, suna kan ganiyarsu. Bashi ne na gajeren wa'adi da gwamnatin tarayya ke ci. Babban Bankin Najeriya ne ke gwanjonsu a madadinta, galibi ranar Laraba duk bayan mako biyu, kuɗi ya fita washegari Alhamis. Wa'adi uku ne: kwana 91, kwana 182, da kwana 364. A ƙarshen 2024 ta kwana 91 tana tsayawa a kashi 18 cikin ɗari, ta 182 a kashi 18 da rabi, ta 364 kuma a wajen kashi 23.

Takardar farko da na rubuta shafi ɗaya ce da rabi, kuma na yi alfahari da ita. Layinta na farko yana cewa kamfani na asarar sama da naira miliyan 80 a shekara saboda barin kuɗi a kwance. Shawarar ita ce a ɗebi miliyan 350 a zuba a takardar kwana 364. Na kai wa manajan darakta da safe. Ya karanta a tsaye, ya juya bayan takardar ko akwai ci gaba, sannan ya ce, "Malam Akanta, ranar da mai taki zai ce a turo masa kuɗinsa a Maris, wannan takardar za mu aika masa?"

Ban da amsa. Na rubuta takardar ne kamar ɗan kasuwar hannun jari, alhali waɗanda za su karanta ta mutane ne da aka ɗora wa amanar kuɗin da ba za a yarda ya yi ciwon kai ba. Abin da ke gaban daraktan da aka zo wa da maganar ajiya shi ne yaushe kuɗin zai dawo, kuma me zai faru idan an buƙace shi kafin lokacin. Riba tana can baya. Na yayyaga ta na sake sabuwa, na kwana huɗu a kanta.

Sabuwar ta fara da inda kuɗin yake kwana. Ga sakin layinta na farko kamar yadda na rubuta:

"Ana neman amincewar kwamitin daraktoci a mayar da abin da bai wuce naira miliyan 250 ba, daga cikin miliyan 480 na ajiyar kamfani, zuwa takardun baitulmalin gwamnatin tarayya, a wa'adi uku da aka daidaita da ranakun biyan kuɗinmu. Dalili na farko shi ne kashi 85 cikin ɗari na ajiyarmu yana hannun banki ɗaya. Inshorar ajiya ta hukumar NDIC tana tsayawa a naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a kowane bankin kasuwanci. A cikin miliyan 480 ɗinmu, miliyan 10 ne kawai ke da wannan kariya."

Ban sha wahalar gamsar da kowa kan wannan ba, domin watanni shida kacal da suka wuce, ranar 3 ga Yunin 2024, Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage. Mu ba mu da kuɗi a can, amma kowa a Kaduna ya san wanda yake da shi. Hukumar NDIC ta biya masu ajiya har zuwa miliyan 5, wanda kuɗinsa ya haura haka kuwa sai ya jira a sayar da kadarorin banki a raba. Na kula na rubuta a fili cewa ba ina zargin bankinmu da wani rauni ba ne. Magana ce ta tsari: wanda ya ajiye miliyan 410 a banki ya ba bankin bashi ne ba tare da jingina ba, ko ya sani ko bai sani ba. Wanda ya sayi takardar baitulmali shi ma bashi ya bayar, sai dai ga gwamnatin da ke karɓar haraji, kuma a kuɗin da ita ke bugawa.

Daga nan na raba kuɗin gwargwadon ranar da za a neme shi. Albashi, hayar sito, man motoci da sauran hidimomi suna cin kimanin miliyan 25 a wata. Na ware na wata huɗu, miliyan 100, na ƙara miliyan 30 na ko-ta-kwana. Wannan ba a taɓa shi. Akwai kafin alƙalami na miliyan 150 da za a tura wa masana'antar da ke haɗa mana taki a makon ƙarshe na Maris. Ragowar miliyan 200 ita ce ajiyar gaske, wadda na bi bayanan banki na shekara uku na ga ba a taɓa sauka ƙasa da ita ba, ko a tsakiyar damina lokacin da dillalai ke riƙe da bashinmu mafi yawa. Na haɗa da shafi guda da ke nuna mafi ƙarancin abin da ya rage a asusu kowane wata na watanni 36. A zaman, wannan shafin ne aka fi daɗewa ana kallo.

A kan wannan na gina shawarar: miliyan 120 a kwana 91, miliyan 80 a kwana 182, miliyan 50 a kwana 364. Idan kuɗin ya fita Alhamis 12 ga Disamba, ta farko za ta dawo 13 ga Maris, kusan mako biyu kafin ranar mai taki. Ta biyu za ta cika 12 ga Yuni. Sai da na duba kalanda na ga ranar hutun Dimokuraɗiyya ce, don haka na rubuta a gefe cewa a sa ran kuɗin washegari. Ƙaramin abu ne, amma irinsa ne ke sa a kira akanta da dare. Ta uku sai 11 ga Disamban 2025.

Wurin da na fi ba fili a takardar shi ne lissafin kansa, domin a nan mutane ke ruɗewa, har da waɗanda suka daɗe a kasuwa. Takardar baitulmali ba ta biyan kuɗin ruwa wata-wata. Ana sayar da ita ƙasa da adadin da ke rubuce a fuskarta, ranar cikar wa'adi a biya adadin cif. Bambancin shi ne abin da mai saye ya samu.

```
ragi = adadin fuska × kaso × kwanaki ÷ 365
100,000,000 × 0.18 × 91 ÷ 365 = 4,487,671
```

Wato a takardar miliyan 100 ta kwana 91, naira 95,512,329 za su fita daga asusunmu, ranar 13 ga Maris miliyan 100 su shigo. Shi ya sa ake cewa ana biyan ribar tun farko: ragin bai ma bar asusunka ba. Kuma saboda kason ana lissafa shi ne a kan adadin fuska, ba a kan abin da ka biya ba, abin da kuɗinka ya jawo a haƙiƙa ya ɗan fi kason da aka sanar. A kwana 91 tazarar kaɗan ce, kashi 18 ya zama kusan 18.8. A kwana 364 kuwa tana da faɗi. Kashi 23 yana nufin ka biya miliyan 77.06 ka karɓi miliyan 100 bayan shekara, wanda ya kusa kashi 30 na abin da ka zuba. Duk wanda zai kwatanta tayin banki na ajiyar wa'adi da takardar baitulmali, da wannan adadin na biyu zai kwatanta, in ba haka ba zai ga banki ya fi alhali bai fi ba.

Jimillar ragin wa'adi ukun ta kama naira miliyan 24.2. Ban bar wannan adadin ya tsaya shi kaɗai ba. Sassaucin harajin da kamfanoni ke samu kan irin waɗannan takardu na shekara goma ne, ya fara a Janairun 2012 ya ƙare a Janairun 2022. Kamfani mai girman namu yana biyan kashi 30 na riba a lokacin. Na cire, abin ya dawo wajen miliyan 17, kuma shi na sa a layin da aka ja wa ƙasa. Takardata ta farko ta manta da haraji gaba ɗaya.

Sai sashen da na sa wa suna "Abin da wannan shawara ba za ta yi ba". Hauhawar farashi a lokacin ta haura kashi 34 a alƙaluman hukumar ƙididdiga. Takardar da ke ba da kashi 19 ba ta kare darajar kuɗi daga wannan, rage zubar jini kawai take yi. Na rubuta haka da waɗannan kalmomin. Na kuma tuna wa daraktoci cewa kason ba ya dawwama. A Oktoban 2019 Babban Banki ya hana ɗaiɗaikun mutane da kamfanonin cikin gida da ba bankuna ba sayen nasa takardun na janye kuɗi daga kasuwa, kuɗin ya kwararo kan takardun baitulmali, kafin ƙarshen 2020 kason ya faɗo ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. Don haka kada a sa wannan kuɗin a kasafin shekara kamar cinikin da aka saba.

Aka zauna ranar Alhamis 5 ga Disamba, mutum bakwai. Shugaban kwamitin tsohon ma'aikacin gwamnati ne mai son a bi ajanda layi-layi. Aka ba ni minti goma, muka shafe awa biyu.

Wadda ta fara magana wata darakta ce da ta yi shekaru tana aikin banki. Ta ce, "Ka ce ana iya sayarwa kafin wa'adi. Da nawa?" Na ji daɗin tambayar domin na shirya mata. Ana iya sayarwa, banki ne zai saya, kuma shi zai faɗi kason da zai saya. Na ba da misali da takardar miliyan 100 ta kwana 364 da aka saya a kashi 23, aka biya miliyan 77.06. Bayan kwana 60 sai buƙata ta taso, saura kwana 304. Idan kaso ya hau a kasuwa banki ya ce sai a kashi 27, zai ba mu miliyan 77.51, wato wata biyu sun tafi a kan naira dubu 450. Idan ya ce 28, zai ba mu miliyan 76.68, an ci uwar kuɗi da kusan dubu 380. A takardar kwana 91 irin wannan motsin ba ya cizo sosai, saboda kwanakin da suka rage kaɗan ne. Ta gyaɗa kai ta ce a rubuta a ƙudurin cewa ba za a sayar da ko ɗaya kafin wa'adi ba sai da sa hannun shugaba. Ta ƙara wani sharaɗin da ni ban kawo ba, kuma ya fi nawa duka amfani: a tabbatar takardun na gwamnati ne na gaske da aka ajiye da sunan kamfani. Ta ce bankuna suna da kayansu na kansu da suke sa wa suna mai kama da wannan, su ba ka kaso mai kyau, amma a ƙasa ajiyar banki ce kawai. In bankin ya faɗi, kana layi ɗaya da sauran masu ajiya, ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago.

Wani ya tambaya ko gwamnati ba za ta iya ƙin biya ba. Za ta iya, ba a rantse wa gwamnati. Ghana ta nuna haka a Disamban 2022, lokacin da ta sa masu riƙe da takardun lamuninta na cikin gida su musanya su da wasu masu wa'adi mai nisa da ƙarancin riba. Amma ko a can an tsame takardun baitulmali daga shirin, domin da su gwamnati ke juya kuɗin mako-mako, ranar da ta taɓa su ranar za ta rasa mai ba ta rance. Wannan ba alƙawari ba ne ga Najeriya. Dalili ne dai na fifita gajeren wa'adi a kan dogo.

Hujjar da ta fi girgiza ni ta fito daga wani Alhaji da ya fara sayar da taki tun kafin a haife ni. Bai taɓa takardar ba, tana gabansa a ninke. Ya ce, "Yaro, kuɗi a kaya yake zama. Naira da ka sani a 460 kan dala ɗaya bara ga ta ta wuce 1,500. Ka sayi taki yau ka jibge a sito, zuwa Mayu ka ga ko takardar gwamnati za ta kamo shi." Maganarsa gaskiya ce, kuma shekara biyu da suka gabata sun ba shi shaida. Wasu sinadaran da ake haɗa takin NPK da su, irin su fotash, daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Na ce, "Ranka ya daɗe, a kan kuɗin ciniki ba ni da ja. Amma sitonmu biyu sun riga sun cika rabi da ragowar bara, yuriya kuma in ta daɗe ta sha iska dunƙulewa take yi, dillali ya ƙi ɗauka sai da ragi. Kuma ranar da motarmu ta yi haɗari, ko babban dillali ya gudu da bashi, ba za mu biya albashi da buhu ba." Ya ce to a rage. Aka rage ɗin kuwa daga baya, ko da yake ba don wannan kaɗai ba.

Akwai maganar da na san za ta zo, na kuma yi ta juyawa ko in sa ta a takardar ko in bari a tayar da ita a zaman. Na sa ta. Kwamitinmu akwai Musulmi akwai Kirista, masu hannun jari ma haka, kuma ni kaina Musulmi ne. Ba da 95 don a dawo maka da 100 bayan wata uku, ba tare da ciniki ko haɗarin kasuwanci ba, mafi yawan malamai riba suke kiransa, canza masa suna zuwa ragi ba ya canza komai. Na rubuta cewa takardar ba fatawa ba ce, akanta ba ya halatta ko haramta, amma bai kamata a kawo wa daraktoci shawara a ɓoye musu wannan fuskar ba. Na jera abin da ke akwai a madadi. Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari mara ruwa, wanda aka fara fitarwa a Satumban 2017 da naira biliyan 100, yana da goyon bayan gwamnati iri ɗaya, amma wa'adinsa shekara bakwai ne ko goma, ba a fitar da shi kowane mako biyu, sayar da shi da gaggawa kuma sai an yi sa'ar mai saye. Bai dace da kuɗin da ake nema a Maris ba. Akwai ajiyar mudaraba ta wata uku ko shida a bankunan da ba sa mu'amala da ruwa. Wannan ta dace da wa'adi, ribarta kuma daga ciniki take fitowa, sai dai ba a yanke ta tun farko, kuma ajiyar banki ce, inshorarta miliyan 5 ɗin nan dai.

Wanda ya ɗauki maganar wani darakta ne mai kashi 15 na hannun jari, mutum mai sanyin magana. Na ba da shawara a takardar cewa a buɗe wa kuɗin layi na daban a littafi, domin duk mai hannun jarin da ke so ya san rabonsa ya fitar da shi. Ya ce, "Malam Akanta, na gode da ba ka ɓoye ba. Amma fitarwar nan an yi ta ne don abin da ya faɗo maka ba da nemanka ba. Wanda ya je da ƙafarsa ya saya, ya ce zai wanke daga baya, wannan wani abu ne daban." Ɗakin ya yi tsit. Ba ni da abin cewa, ban kuma yi ƙoƙarin nemowa ba. Shugaba ya ce an ji, a rubuta.

Abin da aka amince da shi bai kai abin da na nema ba. Miliyan 100 a kwana 91, miliyan 50 a kwana 182. Ta kwana 364 aka soke ta gaba ɗaya. Miliyan 100 aka ce a kai ajiyar mudaraba ta wata uku a wani banki mara ruwa, wanda ko ba komai ya rage tarin da ke banki ɗaya. Ragowar a raba tsakanin bankunanmu biyu yadda ba wanda zai riƙe fiye da miliyan 150. Mutum biyar suka ɗaga hannu, mai kashi 15 ya ƙi kuma ya nemi a sa sunansa a bayanin zama, Alhajin taki ya ce shi ba ya ciki ba ya waje.

Aiwatarwa ta zo da nata darasin. Kamfani ba ya shiga gwanjon da kansa, ta hannun banki ko dillalin da aka yarda da shi ake bi. Tun 2017 mafi ƙarancin tayi a gwanjon naira 50,001,000 ne, sai ga miliyan 50 ɗinmu ta gaza da naira dubu ɗaya tak, dole banki ya haɗa ta da ta wasu. A fom ɗin akwai zaɓi biyu: ka faɗi kason da kake so, ko ka karɓi duk inda gwanjo ya tsaya. Wanda ya faɗi nasa kuma ya haura inda aka yanke, ba ya samun komai, a mayar masa da kuɗinsa ya jira wani mako biyu. Ga wanda ke bin kalandar mai taki wannan caca ce, don haka na zaɓi na biyu. Jami'in banki ya so mu saya daga wadda ke hannunsu a kashi 17, ya ce ya fi sauri. Maki ɗayan nan a kan miliyan 100 na kwana 91 naira dubu 249 ne. Muka jira Laraba.

Kuskuren da ya kusa kunyata ni nawa ne. A ƙasan fom akwai ƙaramin akwati na sabuntawa, wanda ke ba banki izinin mayar da kuɗin cikin sabuwar takarda da zarar wa'adi ya cika. An riga an sa masa alama kafin a kawo mini, ni kuma na sa hannu ina duban adadi da kaso. Ban gano ba sai a Janairu, lokacin da takardar tabbatarwa ta iso na zauna ina gwada ta da ƙudurin daraktoci layi-layi: adadin fuska, kaso, ranar cika, sunan mai takarda, sannan abin da za a yi ranar cika. A layi na biyar na ga an rubuta a sabunta. Da ban duba ba, da ranar 13 ga Maris miliyan 100 ta sake komawa wata uku, mai taki yana jira, mu kuma mu koma sayarwa a farashin da banki ya ga dama. Wasiƙa ɗaya da sa hannu biyu suka gyara shi. Na faɗa wa manajan darakta da bakina kafin ya ji a wani wuri.

Akwai abin da dole in amsa. Kafin ƙarshen Fabrairun 2025 kason kwana 364 ya sauko ƙasa da kashi 20. Wato da an bi takardata ta farko, wadda na yayyaga, da an kulle kashi 23 na shekara guda a kan kuɗi mai yawa, kuma ko sayarwa aka yi a Maris da an sayar da riba, tunda faɗuwar kaso tana ɗaga farashin takardar da ke hannu. Darakta ɗaya ya tuna mini da wannan a zaman Afrilu yana dariya. Na ce haka ne. Amma a Disamba ba wanda ya san inda kaso zai nufa, kuma shekarar da ta gabace ta hawa ya yi ta yi. Har yau ina ganin soke miliyan 50 ta kwana 364 tsoro ne ya yi yawa, domin wannan kuɗin ba a taɓa nemansa ba a shekara uku. Miliyan 350 kuwa ba zan sake rubuta ta ba ko da an nuna mini gobe. A watan nan na Afrilu ne ma hukumar NDIC ta fara biyan kason farko ga waɗanda ajiyarsu ta haura miliyan 5 a bankin Heritage, kwabo 9.2 a kan kowace naira, bayan wata goma ana jira.

Ranar 13 ga Maris, ana cikin azumi, miliyan 100 ta shigo da la'asar. Aka haɗa da miliyan 50 daga asusu aka tura wa mai taki kafin Salla. Ta biyu ta shigo bayan hutun 12 ga Yuni. Ragin duka biyun ya kama naira miliyan 9.1, bayan cire kason haraji ya koma wajen miliyan 6.37, yana zaune a layinsa na daban kamar yadda aka tsara. Mako guda bayan zaman rabin shekara, mai kashi 15 ya leƙo ofishina, bai zauna ba. Ya tambayi rabonsa a wannan layin. Na buga na ce naira dubu 955 da 'yan kai. Ya ce in cire daga ribar da za a biya shi, in aika ɗakin masu haihuwa na asibitin unguwarsu, kuma kada in sa sunansa a rasit.